Layin Farko: Tambaya Za Ka Yi wa Baƙon Ido, Ko Magana Za Ka Faɗa Masa?

  

Yau a filinmu na sana'a da kasuwanci, a kan jimla ɗaya tak za mu yi zaman namu. Kana da kaya ko wani aiki da ka iya, ka hango wani kamfani ko ofis da kake ganin suna bukata, ka samo adireshin imel na manajan wurin, ka zauna za ka rubuta masa. Bai san ka ba, bai taɓa jin sunanka ba, ba shi ya ce ka rubuto ba. Mu kira wannan saƙon ba-zata. To da me za ka fara? Tambaya za ka jefa masa a kan matsalar da kake zaton yana fama da ita, ko kuwa faɗa masa matsalar za ka yi kai tsaye? Masu koyar da dabarun talla sun daɗe suna ja-in-ja a kai. Ni ina da nawa ra'ayin, zan kuma faɗe shi ba ɓoye-ɓoye, amma sai mun fara leƙa wayar mutumin da muke rubuta wa.

Ɗauko taka wayar ka buɗe Gmail. Kowane saƙo abu uku yake nuna maka kafin ka taɓa shi: sunan wanda ya aiko, kan maganar saƙon, sai ɗan guntun layi daga farkon abin da aka rubuta. Guntun nan ba ya da yawa, a yawancin wayoyi da ƙyar yake kai kalma goma. A Outlook na kwamfuta mutum zai iya saita shi ya nuna layi ɗaya, ko biyu, ko uku, ko ma ya kashe shi gaba ɗaya. Ka ga ke nan ana karanta jimlarka ta farko tun ba a buɗe saƙon ba. Manaja yana tsaye a bakin ofis, direba na jira, yana murza fuskar waya da babban yatsa. A wannan ɗan guntun yake yanke hukuncin ko ya buɗe, ko ya wuce, ko ya goge.

A nan mu Hausawa muke da wata 'yar matsala tamu. An rene mu a kan cewa ba a shiga magana sai an gaisa, kuma gaskiya ne, wanda ya faɗo maka ba sallama ai ba ka sakin jiki da shi. Amma idan ka jero "bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, ya iyali, ya aiki", guntun layin ya ƙare, mutumin bai ga dalilin zuwanka ba. Kar ka yar da gaisuwa, rage mata tsawo za ka yi. "Barka da aiki, Dakta," ya wadatar, sai magana ta biyo a take. Haka abin yake ko da Turanci ka rubuta, ko da Faransanci ga 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram. Ni da Hausa zan kawo misalan, kowa ya juya zuwa harshen da yake aiki da shi.

To, mu ɗauki misali ɗaya mu riƙe shi har ƙarshen shirin. Mu ƙaddara sana'arka haɗa sola, da faifai da batura da inbata. Mu ƙaddara kuma akwai wani ɗakin gwajin jini mai zaman kansa a garinku, kana so ka rubuta wa mai wurin.

Masu goyon bayan tambaya za su ce ka fara da ita, don tambaya tana tsayar da mutum, tana sa shi tunani. Maganar tasu tana da tushe. A shekarar 1988 wani mai bincike, Neil Rackham, ya fitar da littafin SPIN Selling, bayan shi da abokan aikinsa sun yi nazarin ganawar ciniki kimanin 35,000. Ya gano cewa a manyan cinikayya, 'yan tallan da suka fi cin nasara su ne masu yin tambayar da za ta sa mai saye ya faɗi matsalarsa da bakinsa, ya kuma hango abin da take jawo masa. Tun daga nan "yi tambaya, kar ka yi wa'azi" ya zama karatun farko ga duk mai koyon talla.

Sai dai a lura da abu guda. Waɗancan hirarraki ne, mutum biyu suna magana, an riga an ba ɗan tallan wurin zama. Idan ina zaune a shagonka na tambaye ka, kunya kaɗai ta isa ta sa ka amsa. Imel ba shi da ido balle a ji kunyarsa. Kuma shi kansa Rackham ya nuna cewa tambayoyin neman sanin halin da ake ciki, irin su "wane inji kuke amfani da shi, mutum nawa ke aiki a nan", idan suka yi yawa gundurar mai saye suke yi, kuma sababbin shiga sana'ar ne suka fi yin su. Wannan ɓangaren ne masu kwafar darasin suka manta.

Ga yadda tambayar takan fito a hannun yawancinmu: "Kuna son rage kuɗin da kuke kashewa a kan dizal?" Don Allah wa zai ce a'a? Tambayar da kowa ya san amsarta ba tambaya ba ce, tarko ne, kuma mai karatu yana ganin igiyar. Duk wanda ya taɓa zama a tasha ya san muryar: mai magani ya ɗaga lasifika, "wa ke fama da ciwon baya, wa ke fama da basir?" Ba amsa yake nema ba, shimfiɗa yake yi wa kwalbar da ke hannunsa. Manajan da saƙon talla ke shigo masa kullum, da ya ga irin wannan a guntun layi ya san kwalba na tafe. Ba zai buɗe ba.

Akwai kuma wadda ta fi wannan ladabi amma ta fi ta nauyi: "Yaya kuke tafiyar da harkar wuta a ɗakin gwajinku?" Wannan tambaya ce ta gaskiya, ba ka san amsar ba. Amma duba abin da ka ɗora wa bawan Allah. Sai ya zauna ya rubuta maka awa nawa ake ba su wuta, janareta nawa gare su, wanne ke aiki wanne ya lalace. Aikin minti goma ka ba shi, kai da bai san ko daga ina kake ba. An ce matambayi ba ya ɓata, haka ne, amma wanda aka tare a hanya shi ma yana da inda za shi. Ballantana bayanin cikin gida ne kake nema, wanda ba kowa ake faɗa wa ba.

To shi ke nan, sai mu koma ga faɗar magana kai tsaye? A yi hankali, nan ma akwai rami, kuma a ganina ya fi na farko zurfi.

Ga yadda takan fito: "Ɗakin gwajinku yana asarar kuɗi masu yawa a kan janareta." Jimlar tana da ƙarfi, mai rubutu yana jin ya yi magana irin ta masana. Amma abu biyu ne zai faru, kuma ba mai daɗi a ciki. Ko dai ka yi kuskure, wato sun haɗa sola tun bara, ko layinsu na cikin masu samun wuta sosai, sai mutumin ya gane ko ƙofar wurin ba ka taɓa gani ba, magana ta mutu a nan. Ko kuma ka faɗi daidai, wanda wani lokacin ya fi muni. Mutumin da kake rubuta wa shi ya sayo janaretan nan, shi ke sa hannu a takardar dizal duk mako. Ka zo daga sama ka ce masa bai iya tattalin dukiyarsa ba. Ko likita, sai ya duba ka kafin ya faɗi ciwonka. Baƙon da ya yi sallama ya ce "maigida, katangarka ta karkace" gaskiya ya faɗa, amma da wuya a kawo masa ruwa.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan jimlar farko ta imel ɗin da ake aika wa wanda bai san ka ba.

Ga nawa ra'ayin. A mafi yawan lokuta ka fara da magana, ba tambaya ba, amma maganar ta zama abin da ka gani da idonka, ba abin da ka zata ba. Tambayar kuma ka ajiye ta zuwa ƙarshe, guda ɗaya, ƙarama. Bambancin gani da zato shi ne gaba ɗayan darasin yau. "Kuna asara" zato ne, hukunci ne ka yanke. "Na ga kun buɗe sabon reshe" gani ne, mutumin ba zai musa ba, ba kuma zai ji an taɓa mutuncinsa ba.

Mu koma ɗakin gwajin nan. Kafin ka rubuta komai, ka ba wurin minti goma. Ka duba shafinsu, ka duba sanarwar da suka liƙa, idan kusa ne ka bi ta ƙofar. Mu ce ka tarar sun sanar cewa daga farkon wata za su koma aiki dare da rana, har suna neman ma'aikatan dare. Ka sami bakin zaren. Ga saƙon, a saurara:

"Barka da aiki, Dakta. Na ga sanarwarku cewa daga farkon wata za ku koma aiki dare da rana. Wuraren gwajin da muka yi wa aiki, da suka koma haka, abin da ya fi cin kuɗinsu shi ne kunna babban janareta har asuba saboda firiji biyu da na'ura ɗaya. Mu aikinmu haɗa batura da sola da za su riƙe wannan ɗan nauyin na dare. Ku janareta kuka tanadar wa daren, ko kuna da batura a ƙasa?"

Sai sunanka, sunan sana'arka, da inda kake. Ƙarshen saƙo ke nan.

Bari mu warware shi. Jimlar farko bayan gaisuwa ita za ta fito a guntun layin waya, kuma abin da Dakta zai gani shi ne maganar gidansa, sanarwar da shi ya bayar. Nan take ya san ba saƙon da aka watsa wa mutum dubu ba ne. Matsalar ba ta fito ba sai a jimla ta biyu, kuma ka lura a wuyan wa aka rataya ta: a wuyan wasu wuraren, ba nasa ba. An bar masa ƙofa. Idan abin ya shafe shi, shi zai ce a ransa "mu ma haka ne". Idan bai shafe shi ba, ba a yi masa ƙarya ba, ba a kuma zage shi ba.

Kuma matsalar da aka ambata takamaimiya ce. Ba a ce "tsadar wuta" ba, wadda kowa ke kuka da ita. An ce babban janareta yana kwana yana aiki saboda ɗan ƙaramin nauyi. Duk wanda ya riƙe injin dizal ya san wannan ciwon: inji ba ya rage shan mai daidai da yadda nauyi ya ragu, ko firiji ɗaya ya ɗauka sai ya sha rabonsa, kuma daɗewa yana aiki ba nauyi yana tara masa dauɗa. Mai wurin da ya karanta wannan zai gane cewa wanda ya rubuto ya san aikin. Amma fa a ji ni da kyau: idan ba ka taɓa yi wa wani ɗakin gwaji aiki ba, kar ka ce ka yi. Ka ce "abin da yakan ci kuɗi a irin wannan aikin shi ne kaza". Ƙaryar da ka yi a jimla ta biyu za ta jira ka a ranar ganawa.

Sai tambayar ƙarshe. Zaɓi biyu ne, Dakta zai iya amsawa da kalma ɗaya yana tafiya: "Janareta." Kai kuma da gaske ba ka san amsar ba, kuma amsar ce za ta nuna maka ko akwai ciniki. Wannan ita ce ma'aunin tambaya mai kyau a duk inda ka sa ta. Ba ka ce ya ba ka rabin awa ba, ba ka liƙa masa takardar farashi mai shafi takwas ba. Wannan duk sai ya amsa tukuna.

Wani zai ce, Malam, ashe ba a taɓa farawa da tambaya ke nan? Ana yi. Wuri na farko shi ne idan ba ka tabbatar ko wanda ya dace kake rubuta wa ba. A babban kamfani, "Ranka ya daɗe, kai ke kula da harkar wuta da janareta, ko akwai wanda zan tuntuɓa?" buɗewa ce mai kyau, don sauƙin amsawa gare ta, kuma mutane ba sa ƙyashin nuna hanya. Idan ya tura ka wurin wani, saƙonka na biyu ya daina zama na ba-zata, tunda za ka fara da cewa wane ne ya ce in same ka. Wuri na biyu shi ne idan ganin naka ya shiga cikin tambayar: "Sabon reshenku na bakin kasuwa, layin wuta ɗaya yake da tsohon?" Siffarta tambaya, amma a cikinta akwai shaidar cewa ka yi bincike. Ka ga ashe alamar tambaya ba ita ce ke gyara jimla ko ɓata ta ba.

Idan kuwa ka duba ka duba ba ka ga komai ba, ba sanarwa, ba sabon reshe, ba wani motsi, to kar ka ƙirƙiro. Na sha ganin irin su "na ga kamfaninku yana ta bunƙasa", wanda za a iya aika wa mai gidan burodi da mai gidan mai ba a canja harafi ba. Wannan ba gani ba ne, daɗin baki ne, kuma an gane shi. Gara ka fara da abin da ka sani game da masu irin sana'arsa, ko ma ka tsallake wurin ka nemi wanda kake da abin faɗa masa.

Saura yadda za ka gane wanne ke yi maka aiki, don kar ka ɗauki maganata kamar yankan wuƙa. Kasuwa kasuwa ce, mutanenka na iya bambanta da nawa.

Da farko, amsa za ka ƙirga, ba buɗewa ba. Akwai manhajojin da ke gaya maka mutum nawa suka buɗe saƙonka, ta hanyar wani ɗan hoto da ido ba ya gani da suke sakawa a ciki. Tun shekarar 2021 kamfanin Apple ya kawo tsarin da ke sauko da irin hotunan nan da kansa ga masu amfani da manhajarsa ta Mail waɗanda suka kunna shi, ko mutum ya karanta ko bai karanta ba. Don haka lissafin buɗewa yana iya kumbura ba gaira ba dalili. Amsa kuwa sai mutum ya rubuta.

Sannan idan za ka gwada, jimlar farko kaɗai za ka canja. Kan magana ɗaya, sauran saƙon ɗaya, irin mutanen ɗaya, ka raba su biyu ba zaɓe. Kuma kar ka yi saurin yanke hukunci. Mu ce ka aika wa 40 mai farawa da tambaya, 40 mai farawa da magana, ɗaya ya kawo amsa 3, ɗayan ya kawo 1. Za ka ce an ninka sau uku. Ina! Bambancin mutum biyu ne, wataƙila ɗaya yana ta'aziyya, ɗaya wayarsa ta faɗa ruwa. Kafin lissafi ya yi magana sai saƙonni sun kai ɗaruruwa a kowane ɓangare, kuma mai ƙaramar sana'a ba shi da wannan yawan.

Abin da zai fi yi maka amfani shi ne karanta amsoshin da kansu, har da masu ɗaci. Idan ana ce maka "ba haka ba ne, muna da sola", zatonka ya yi yawa, bincikenka ya yi kaɗan. Idan ana ce maka "wane ne kai, ina ka samo adireshina?" ka shiga da ƙarfi, ko tambayarka ta yi kama da ta mai binciken haraji. Idan aka ce "ba yanzu ba, tuntuɓe ni bayan salla", buɗewarka ta yi, lokaci ne bai yi ba, sai ka rubuta ranar a littafi. Idan kuwa shiru ne ɗungurum bayan saƙo talatin ko arba'in, kafin ka zargi jimlar farko ka aika wa wani ɗan'uwanka saƙon, ya duba ko a akwatin Spam yake sauka. Saƙon da ba a gani ba, ko da zinariya ka buɗe shi banza ne.

Tunda mun taɓo Spam, a sani cewa duk wanda saƙonka ya ɓata wa rai yana da maɓallin kai ƙararka, kuma Gmail na ƙirgawa. Tun watan Fabrairun 2024 Google ya gindaya wa masu aika saƙo cewa ƙorafin kar ya kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum 3 cikin 1,000. Buɗewa mai tsokana, ta tambaya ce ko ta magana, ita ke sa yatsa ya tafi wurin maɓallin nan. A Nijeriya kuma akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta ba mutum damar cewa a daina aiko masa da talla. Wanda ya ce ka daina, ka daina, ka goge sunansa.

Lokaci ya kusa cim mana. Ga ɗan aiki kafin mako mai zuwa: ka buɗe akwatin saƙonnin da ka aika, ka ɗauko biyar na ƙarshe da ka rubuta wa waɗanda ba su san ka ba, ka karanta kalma goma na farkon kowanne da ƙarfi. Duk wanda za ka iya aika wa wani kamfani dabam ba tare da ka canja komai ba, ka sake rubuta shi, ka fara da abu ɗaya da ka gani a wurin mutumin.

Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.